Daga Rigar Yaye Zuwa Lasisi: Abin Da Muka Gani A Hanyar Rajistar Aikin Jinya

Ranar da aka yaye mu daga kwalejin koyon aikin jinya, iyayenmu sun cika harabar makaranta da kuloli da lemo da 'yan uwa, har da waɗanda ba mu taɓa sanin muna da su ba. An yi hotuna, an yi guɗa, an yi mana addu'a. Kakar ɗayarmu ta kama hannunta tana cewa, "To, gobe sai ki zo ki duba mini wannan gwiwar." Mu ma a ranar haka muka ɗauka, cewa an gama, saura aiki da albashi.

Mako uku bayan haka muka ɗauki fayil ɗinmu muka nufi wani asibiti mai zaman kansa da muka ji yana neman ma'aikatan jinya. Matiron ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta karɓi takardunmu ta jujjuya. Ta ga takardar shaidar kammala makaranta, ta ga sakamakon sakandare, ta ga takardar ƙaramar hukuma. Sai ta ɗago kai ta ce, "'Yan mata, ina lasisinku?" Muka ce, "Mama, ai mun ci jarrabawa, ga shaidar makaranta nan." Ta yi murmushi ta miƙo mana fayil ɗin. "Wannan ta nuna kun yi karatu. Ni wadda nake nema ita ce wadda ta ba ku izinin taɓa majinyaci. Ku je ku dawo da ita."

Ƙannenmu da ke sakandare, musamman ku da ke ajin kimiyya kuna burin sa farar riga, labarin wannan takarda ta biyu muke so mu ba ku, domin abin da zai kawo muku ita cikin sauƙi ko ya wahalar da ku yana farawa ne tun daga ajin da kuke zaune a yau.

Takardar da Matiron take nema tana fitowa ne daga Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda za ku riƙa ganin an taƙaita sunanta da NMCN, mu kuma a makaranta Kansil kawai muke ce mata. Hedikwatarta tana Abuja. Dokar da ta kafa ta a yadda take yanzu ta 1979 ce, lokacin da aka haɗe hukumar jinya da ta ungozoma wuri ɗaya. Ita ke amincewa da makarantun koyon aikin, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ƙwarewa, ita ke riƙe da kundin sunayen duk wanda doka ta yarda a kira shi ma'aikacin jinya ko ungozoma a ƙasar nan. Wanda sunansa ya shiga kundin jinya shi ne yake rubuta RN a bayan sunansa, na ungozoma kuma RM. Wanda bai shiga ba, ko da shi ya zo na ɗaya a ajinsu, idan ya yi aikin ya karya doka. Kusan kowace babbar sana'a tana da irin wannan mai gadin ƙofa. Likitoci suna da MDCN, malaman makaranta suna da TRCN, injiniyoyi suna da COREN, wadda ita sai mutum ya yi wasu shekaru yana aiki bayan kammala jami'a kafin ta yi masa rajista a matsayin cikakken injiniya. Mu dai ta jinya muka bi, ita za mu iya ba da labari.

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya tun shekarar farko. Ƙaramarmu muna kiranta Auta, kuma da wannan sunan za mu bar ta a nan. A ranar yayen nan da muke ba ku labari, Auta tana cikin 'yan kallo. Ita ta riƙe mana jakunkuna muna hoto. Ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ko ɗaya ba a makarantar, hasali ma ita ke koya mana lissafin magani idan dare ya yi. Sunanta ne ya tsayar da ita.

Ga yadda abin ya faru. Kafin a karɓi mutum karatun jinya ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma a zama bai wuce biyu ba. Kiredit na nufin daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ci ne a takarda, amma a nan ba sa aiki. Auta ta zana WAEC da NECO a shekara ɗaya kamar yawancinmu. A WAEC ta samu komai sai Fiziks da ya zo mata da D7. A NECO ta samu C5 a Fiziks amma Kemistiri ya kufce. Sai ta haɗa biyun, wanda ya halatta, tunda zama biyu ne. Da su aka ɗauke ta.

Idan an shiga makarantar, watanni shida na farko na share fage ne, ana yin jarrabawa a ƙarshensu, a tace waɗanda za su ci gaba. Waɗanda suka tsallake sai makaranta ta tattara takardunsu ta tura wa Kansil domin a ba kowa lambarsa ta ɗalibta. Wannan shi ake kira indeksin. Lamba ce da za ta bi mutum har ƙarshen karatunsa, kuma babu wanda zai zauna jarrabawar Kansil ba tare da ita ba. A lokacin ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba, mun zaci wani fom ne cikin fom-fom ɗin da ake ta cikewa. Ashe rajistar da za mu nema bayan shekara uku a nan take kafa tushe, domin a nan ne ake tantance sakamakon sakandare. Ba a tsaya ga takardar da ka miƙa ba. An sa kowa ya sayo sabon katin duba sakamako na WAEC, ko tokin na NECO, aka shiga rumbun hukumar jarrabawar aka ga abin da ke rubuce a can da lambar jarrabawarka da shekarar da ka zana. Duk wanda ya je wani shago aka mayar masa da D7 ta koma C6 a takarda, a nan asirinsa ke tonuwa, domin mai shagon bai isa ya taɓa abin da ke cikin rumbun ba. A sahunmu mun ga wanda ya tattara kayansa ya tafi saboda haka, bayan iyayensa sun biya kuɗin shekara guda.

Sakamakon Auta na gaskiya ne, duka biyun. Amma da Malamar da ke kula da indeksin ta ajiye su gefe da gefe a kan tebur, sai ta kira ta ofis. A takardar WAEC sunanta ne da na mahaifinta. A ta NECO kuwa sunan garinsu ne ya zo a farko a gurbin sunan dangi, sannan nata, sannan na mahaifin, shi ma da wani rubutun daban, irin bambancin da ke tsakanin Muhammad da Mohammed. Ga kuma shekarar haihuwa, ta NECO ta gaza ta WAEC da shekara ɗaya. Malamar ta ce, "'Yata, ni na san ke ce. Amma wanda zai duba wannan a Abuja bai taɓa ganinki ba. A wurinsa waɗannan mutum biyu ne, ɗaya ba ta da Fiziks, ɗaya ba ta da Kemistiri."

Wannan matsala tamu ce ta Hausawa fiye da kowa, kuma kun san dalili. Mu ba mu saba da sunan dangi guda da ake gada daga kaka zuwa jika ba. Yau a rubuta ka da sunan mahaifi, gobe da na kaka, jibi da sunan gari ko unguwa, wani ma da sunan yayan da ya riƙe shi. A aji ɗaya za a samu A'isha Abdullahi uku, sai malami ya liƙa wa kowacce sunan garinsu domin ya bambance su, sunan ya bi ta har cikin fom ɗin jarrabawa. Sai kuma rubutun boko: A'isha, Aishatu, Aishat, duk mutum ɗaya ce a gida, amma na'ura ba ta san haka ba. Ranar haihuwa kuwa da yawanmu ƙiyasi aka yi mana, wani malamin ma yakan rage wa yaro shekara da nufin taimako. Auta ta tuna ranar da malamin jarrabawa na sakandarensu ya zagayo da takardar da aka bugo sunaye, ya ce kowa ya duba nasa ya sa hannu. Ta ce ita hotonta kawai ta kalla, ta ga ya yi duhu, ta yi tsaki, ta sa hannu.

Gyaran ya ci wata biyar. Wanda ya zana jarrabawa a matsayin ɗan makaranta, buƙatar gyara tana bi ne ta hannun shugaban sakandaren da ya zana a cikinta, don haka sai da ta koma garinsu, tafiyar awa huɗu a mota. Zuwan farko makarantar tana hutu. Zuwa na biyu ta tarar an sauya shugaban, sabon kuma ya ce ba zai sa hannu a kan ɗalibar da bai sani ba sai an nemo tsohon kundin hotuna na 'yan shekararsu, wanda a gaskiya ba mu ga laifinsa ba. Aka nemo kundin a wani sito. Mahaifinta ya je ya yi takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen biyu na 'yarsa ne, aka buga sanarwa a jarida, aka haɗa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A nan muka koyi wani abu da mutane da yawa ke kuskure a kansa: takardar rantsuwa ba ta sauya abin da ke cikin rumbun hukumar jarrabawa. Hujja ce kawai da ake haɗawa da takardar neman gyara. Kuma gyaran harafi a suna ya fi gyaran ranar haihuwa sauƙi nesa ba kusa ba, domin kowa ya san dalilin da ke sa mutane rage shekaru.

Kafin takardunta su daidaita, sunayen sahunmu sun riga sun tafi. Makarantarmu tana ɗaukar ɗalibai sau biyu a shekara, sai aka mayar da ita sahun da ke bayanmu. Kansil tana yin jarrabawar jinya sau biyu a shekara, a watan Mayu da watan Nuwamba. Mu muka zauna ta Nuwamba, Auta sai ta Mayu mai zuwa. Wata shida ke nan, da ƙarin kuɗin makaranta da na abinci, a kan sa hannun da bai ɗauke ta daƙiƙa biyar ba.

Tunda muna kan indeksin, bari mu ɗan ratse. Kansil tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta yi wa indeksin, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin da take koyarwa a ciki. Makarantar da ba ta amince da ita ba kuwa ba ta da ko gurbi ɗaya. Yanzu makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu sun yawaita, da allo mai kyau da yunifom mai ɗaukar ido. Muna da 'yar unguwa da ta yi shekara biyu a irin wannan kafin ta gane babu jarrabawar Kansil a gabanta. Kafin Baba ya biya ko sisi, ku shiga shafin Kansil ku duba jerin makarantun da aka amince da su, ku tabbata sunan makarantar yana ciki kuma da irin karatun da kuke nema, domin ana iya amince wa makaranta ta koyar da ungozoma ba tare da an amince mata jinya ba. Sannan ku tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe na makarantar, ba mai sayar da fom ba: kun samu lambar indeksin? Yayyenku sun zauna jarrabawar Kansil?

Jarrabawar kanta ba za mu tsawaita a kanta ba. Kashi ɗaya a kwamfuta ake yi, kashi ɗaya kuma na nuna aiki ne da hannu, inda ake jera tashoshi, kowace da aikinta da 'yan mintunanta, a kaɗa ƙararrawa ka matsa gaba. Sakamako ya zo ta makaranta, mu uku duk muka ci. Daga nan ne rajista take farawa, kuma ba ta zuwa da kanta. Sai ka nema. Akwai fom, akwai hoto, akwai shaidar makaranta cewa ka kammala, akwai kuɗi, kuma akwai wa'adi, wanda ya yi sakaci ya wuce shi sai ya biya tara a kan kuɗin.

Maganar kuɗi ita ce inda mu ukun da muke yi wa Auta jaje muka faɗa namu ramin.

Kuɗin wannan hanya ba dunƙule guda ba ne, kuma wannan ne ke ba iyaye mamaki. Akwai na indeksin a shekarar farko, da na katunan duba sakamako. Akwai na jarrabawa a shekarar ƙarshe. Akwai na rajista da lasisi bayan an ci. Duk waɗannan daban suke da kuɗin makaranta. Adadinsu yana sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, don haka wanda yayarku ta biya shekara uku da suka wuce ba shi za ku gaya wa Baba ya tanada ba, ku dubo na shekarar a shafin Kansil ko a allon sanarwa na makaranta. Abin da muka lura shi ne na rajista ya fi kowanne zuwa a mummunan lokaci. An gama kashe kuɗi a bikin yaye, an ɗinka anko, an yi kalanda da hotonka, kowa a gida ya sauke numfashi cewa an huta da biya. Sai ka dawo ka ce saura. Mahaifin ɗayarmu buhun masara biyu ya fitar ya sayar, a lokacin da masara ba ta da daraja, ana tsakiyar kaka.

Hukumomin gwamnatin tarayya ba sa karɓar kuɗi a hannu. Tun 2015 kuɗinsu yana shiga asusun bai-ɗaya ne, kuma hanyar da muka bi ita ce Remita. Yadda ake yi shi ne a cike sunanka da sunan hukumar da abin da kake biya wa, sai na'ura ta fitar da lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRR. Da wannan lambar za ka biya a banki ko da katinka. Kowace lamba ta biya ɗaya ce, ta mutum ɗaya, don abu ɗaya. Mun san wannan a ka, amma ranar layin banki ya kai bakin titi, ga rana, ga wa'adi yana matsowa. Akwai wani mai kafe kusa da makaranta da ya saba yi mana buge-bugen takardu tun shekarar farko. Ya ce, "Sista, me zai kai ku layi? Ku kawo, ni zan fitar muku da lambar in biya ta wayata, ku dawo da yamma ku karɓi rasit." Muka tura masa kuɗin mu uku har da ladan aikinsa. Da yamma ya miƙo mana rasit uku, kowanne da sunan mai shi, da tambari, fes.

Kwana biyu bayan haka muna zaune a ɗakin Auta muna jera takardu a fayil. Ita da wuya ta riga ta koya mata karanta kowane harafi, sai ta ɗauki rasit ɗin ukun ta jera su a kan katifa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ya aka yi lambarku ta zama ɗaya?" Muka duba. Alƙaluma 12 ɗin nan iri ɗaya ne a duka ukun, har lokacin biya, minti ɗaya. Muka shiga shafin Remita a waya, wurin duba matsayin biya, muka saka lambar. Ta nuna an biya, amma da sunan mutum ɗaya cikinmu. Sauran biyun hoton na farkon ne aka goge suna aka sa wani.

Muka koma kafen. Ya fara da cewa matsalar sabis ce, ya koma cewa yaronsa ne ya yi kuskure, ya ƙare da "ku ba ni zuwa Juma'a". Juma'a ta zo shagon yana rufe. Daga baya, da iyaye suka shiga maganar har gaban mai unguwa, an samu rabin kuɗin a hankali a hankali. Amma wa'adi ba ya jiran mai unguwa. Wadda mahaifinta ya sayar da masara ba ta iya komawa ta gaya masa ba, 'yan kunnenta na zinare ta kai kasuwa. Mun sake biya da kanmu, a layin da muka guje wa, kuma kafin mu bar bankin sai da kowacce ta saka lambarta a waya ta ga sunanta da sunan hukumar da adadin kuɗin. Da Auta ba ta lura ba, da fom ɗin mutum biyu ya tafi da rasit na jabu, kuma wanda zai duba ba zai ce mai kafe ne ya yi ba. Sunan wadda ta miƙa shi zai gani.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan yawa ko da babu macuci a ciki, shi ne biya a gurbin da ba shi ba. Hukuma ɗaya tana da abubuwa da dama da ake biya wa: rajista, sabunta lasisi, tantancewa, canjin suna. Idan aka zaɓi sabunta lasisi alhali rajista kake nema, kuɗin ya shiga asusun gwamnati, amma bai biya maka buƙata ba, kuma dawo da shi doguwar tafiya ce. Minti ɗaya na karanta takardar RRR kafin a miƙa wa ma'aikacin banki ya isa ya hana wannan.

Bayan wasu watanni lambobin rajistarmu suka fito, sannan lasisi. Abu biyu ne, kada ku haɗa su. Rajista sau ɗaya ake yi, lambar ta zama taka. Lasisi kuwa yana da ranar ƙarewa a jikinsa, duk shekara uku ake sabunta shi, kuma kafin a sabunta sai ka nuna shaidar halartar bitar ƙarin ilimi ta dole da ake shirya wa ma'aikata, wadda za ku ji ana kira MCPDP. Ita ma da kuɗinta. Wanda ya bari lasisinsa ya mutu ya ci gaba da aiki, ranar da aka zo tantance ma'aikata ko ƙarin girma zai gane kurensa, ga tarar jinkiri tana jiransa. Waɗanda suka bi ta jami'a, karatun digirin jinya shekara biyar ne, su ma jarrabawar Kansil ɗin nan suke zaunawa, sannan su yi shekara guda ta horon aiki a asibiti kafin bautar ƙasa.

Kalmar tantancewa tana sake dawowa a gaba, da wata ma'anar. A shekarar farko sakamakon sakandarenka aka tantance. Bayan ka zama ma'aikaci, idan ka nemi aiki ko ƙarin karatu a wata ƙasa, Saudiyya ko Birtaniya misali, hukumar can ba za ta yarda da satifiket ɗin da ka turo da hannunka ba. Za ta so ta ji daga tushe, wato Kansil ta tabbatar mata cewa lambar nan taka ce, lasisinka yana raye, kuma babu wani hukunci a kanka. Kai za ka nema, kai za ka biya, amma amsar ba ta biyowa ta hannunka. A watan Fabrairu na 2024 Kansil ta fitar da sababbin sharuɗɗa a kan wannan, ciki har da cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin ya nema. Ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, aka daɗe ana ja-in-ja. Mu a ganinmu kowane ɓangare yana da abin faɗa: asibitocinmu suna rasa ma'aikata, amma kuma wanda ya biya kuɗin karatunsa da gumin iyayensa yana da haƙƙin a tabbatar da takardarsa idan ya nema. Sharuɗɗan irin wannan suna sauyawa, kafin ku kai can wataƙila sun sake kama. Abin da ba ya sauyawa shi ne za a jera fasfonka da NIN da sakamakon sakandare da satifiket ɗin makaranta da na Kansil a kan tebur ɗaya, kamar yadda Malama ta jera na Auta. Ku 'yan mata, a nan maganar aure ke shigowa. Wadda ta sauya sunan mahaifi zuwa na miji a fasfo alhali takardun karatunta suna ɗauke da na mahaifi ta buɗe wa kanta wani sabon fayil da sabon biya. Mu huɗun babu wadda ta sauya.

Ku da ke aji biyar da aji shida, aikin da ke gabanku na yamma ɗaya ne. Ku roƙi Baba ko Mama su fito muku da takardar haihuwa da takardar firamare da ta ƙaramar sakandare da takardar NIN, ku shimfiɗa su a tabarma. Ku karanta harafi bayan harafi: wane suna ne a farko, wane ne a tsakiya, wane ne a gurbin sunan dangi, wace rana, wane wata, wace shekara. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma daga can take ɗauko sunanka, don haka abin da ke kan NIN shi ne zai bi ku zuwa babbar makaranta. Idan akwai saɓani, yanzu ne gyaransa yake da arha, kafin a cike fom ɗin WAEC da NECO. Ku zauna da Baba ku tsayar da rubutu ɗaya, ku rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda, ku kai wa malamin jarrabawa da hannunku. Ranar da aka zagayo da takardar sa hannu, ku bar hoton, ku karanta sunan da ranar haihuwar. Idan ba daidai ba ne ku ce, "Malam, a yi haƙuri, akwai gyara a nawa," ko da zai ɗaure fuska. Sannan ku adana lambar jarrabawarku da shekarar a wani littafi a gida, domin bayan shekaru za a tambaye ku su.

Auta ta zauna jarrabawarta a watan Mayu ta ci. Ranar biyan kuɗin rajistarta mu uku muka raka ta banki, ta ƙi barin kanta sai da ta karanta wa ma'aikacin alƙaluma 12 ɗin nan da ƙarfi, shi kuma yana bin su a allonsa, mutanen layi suna ta gunaguni a bayanmu. Gurbin da Matiron ta ce mu dawo mu nema an riga an cike shi tun kafin lasisinmu ya fito. Biyu cikinmu yanzu suna asibitin gwamnati, ɗaya ta koma karatun ungozoma, inda aka sake yi mata wani indeksin ɗin da wani biyan. Auta tana wata cibiyar lafiya a ƙauye, ita kaɗai ce mai lasisi a wurin. Namu zai ƙare wata shida kafin nata, kuma tuni ta rubuta mana ranar a bayan kalandar bikin yayen da ba ta ciki.